Rabon Jari Idan Kuɗi Bai Isa Ba: Ma'aunin Riba da Ayyukan da Ba Sa Gutsuruwa

Rabon jari shi ne zaɓen da kamfani, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko hukuma ke yi a lokacin da ayyukan da ke da riba suka fi ƙarfin kuɗin da ke hannu. A ƙa'idar ilimin sarrafa kuɗi, duk aikin da zai dawo da fiye da abin da aka zuba masa ya cancanci a yi shi, domin ana ɗauka cewa mai aiki mai riba ba zai rasa wanda zai ba shi jari ba. A kasuwa abin ba haka yake tafiya ba. Wani lokaci takurawar daga waje take zuwa: banki ya ƙi ba da rance saboda babu jingina, ko ya ɗora sharuɗɗan da ba za su ɗauku ba. Wani lokaci kuma daga cikin gida take: masu kamfani su ce bana ba za a kashe fiye da kaza ba, ko don gudun bashi, ko don ba sa son baƙo ya shigo musu da hannun jari, ko don sun san ma'aikatansu ba za su iya riƙe ayyuka da yawa a lokaci guda ba. Ko ta ina ta zo, sakamakon ɗaya ne. Akwai kasafi mai iyaka, akwai jerin ayyukan da kowannensu ke da amfani, kuma dole a bar wasu.

Tambayar da ke gaban mai yanke shawara a nan ita ce wace haɗakar ayyuka ce, cikin waɗanda kuɗin zai iya ɗauka, za ta fi ƙara wa masu dukiya arziki. Amsa ta tana buƙatar awo guda biyu, na biyun yana fitowa daga na farko.

Darajar yau da tsantsar riba

Naira dubu da za a karɓa baɗi ba ta kai naira dubu da ke hannu yau ba, domin ta hannun za a iya juya ta ta haifi wata kafin baɗin. Saboda haka duk kuɗin da aiki zai kawo nan gaba sai an rage masa nauyi kafin a kwatanta shi da kuɗin da za a kashe yanzu. Mizanin da ake rage shi da shi shi ne ribar da masu dukiya za su iya samu a shekara idan suka zuba kuɗin a wata harkar da haɗarinta ya yi daidai da na wannan. Ba lallai ne ya zama kuɗin ruwa na banki ba. Ɗan kasuwar da bai taɓa cin bashi da ruwa ba shi ma yana da irin wannan mizani, tunda ya san abin da jarinsa ke kawo masa a sana'ar da ya saba.

A ɗauki misalin wani kamfanin casar shinkafa a Kano, wanda alƙalumansa na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya fito fili. Masu kamfanin sun tsayar da kashi 20 cikin ɗari a matsayin mizaninsu. Ɗaya daga cikin ayyukan da ke gabansu shi ne kafa farantan sola da batura a kan naira miliyan 20, wanda zai rage musu kuɗin man dizal na miliyan 10 a kowace shekara har shekara biyar, lokacin da za a sake batura. Miliyan 10 ta shekarar farko ana raba ta da 1.2, ta zama miliyan 8.33. Ta shekara ta biyu ana raba ta da 1.2 sau biyu, ta zama 6.94. Ta uku ta zama 5.79, ta huɗu 4.82, ta biyar 4.02. Idan aka tara, ana samun kusan miliyan 30. Ke nan miliyan 50 da za a tsimta cikin shekara biyar, darajarta a yau miliyan 30 ce. Idan aka cire miliyan 20 da aka kashe, saura miliyan 10, kuma wannan saura ita ce tsantsar ribar aikin, wato abin da ya ƙara wa masu kamfani a kan abin da da ma za su samu a wani wuri.

Ma'aunin riba kuwa shi ne darajar yau ta abin da aiki zai kawo, a raba ta da kuɗin da aka zuba. A aikin sola, 30 a raba da 20 ya ba da 1.5, ma'ana kowace naira ɗaya da aka zuba ta dawo da naira ɗaya da kwabo hamsin a darajar yau. Duk aikin da ma'auninsa ya haura 1 yana da riba, wanda ya gaza 1 kuma asara ne. Wasu littattafai suna raba tsantsar ribar ce da jarin, sai su sami 0.5 a maimakon 1.5. Bambancin ɗaya ne cur a kowane aiki, saboda haka jerin fifiko ba ya canzawa, sai dai ya kamata mai karanta rahoto ya san wanne daga cikin biyun aka yi amfani da shi.

Amfanin wannan ma'auni a bayyane yake. Idan kuɗi ne abin da ya yi ƙaranci, to hankali zai so a san abin da kowace naira ke kawowa, a fara ba aikin da ya fi biyan naira, sannan mai bi masa, har kuɗi ya ƙare. Wannan ita ce ƙa'idar da ake koyarwa a makarantun koyon kasuwanci, kuma daidai take idan sharaɗi guda ya cika: ya zamana za a iya yin rabin aiki a sami rabin ribarsa. Sayen hatsi don ajiya haka yake, wanda bai iya sayen buhu dubu ba zai sayi ɗari shida ya ci ribar ɗari shida. Amma injin casa, ko sito, ko babbar mota, ba a sayen kashi biyu cikin ukunsu. Gero yana cika buhu har baki, doya kuwa sai ta bar gurbi, kuma a irin wannan gurbin ne ƙa'idar ke tuntuɓe.

Ayyuka biyar, kasafi ɗaya

Masu kamfanin shinkafar sun ware naira miliyan 100 don sababbin ayyuka a bana, manajoji kuma sun kawo ayyuka biyar. Duk alƙaluman da ke ƙasa miliyoyin naira ne, ban da ma'aunin riba.

| Aiki | Jari | Darajar yau | Tsantsar riba | Ma'aunin riba |
|---|---|---|---|---|
| Sola | 20 | 30 | 10 | 1.50 |
| Injin tace shinkafa | 40 | 58 | 18 | 1.45 |
| Injin turarawa da busarwa | 60 | 84 | 24 | 1.40 |
| Sabon sito | 30 | 36 | 6 | 1.20 |
| Babbar mota | 20 | 22 | 2 | 1.10 |

Babu aikin banza a cikinsu. Injin tacewa yana fitar da tsakuwa da baƙar ƙwaya, wanda ke sa buhu ya yi daraja a kasuwa. Injin turarawa da busarwa yana raba kamfani da dogaro da shanya a rana, ya ba shi damar aiki ko da damina. Sito yana ba da damar sayen shanshera da kaka lokacin da take da araha. Da kuɗi ya isa, da an yi duka biyar a kan miliyan 170, an sami tsantsar ribar miliyan 60. Amma miliyan 100 ce a hannu.

Idan aka bi jerin ma'aunin riba, za a fara da sola, saura miliyan 80. A ɗauki injin tacewa, saura 40. Na uku a layi shi ne injin turarawa, wanda ke neman 60, kuɗi bai kai ba, sai a tsallake shi. A ɗauki sito, saura 10. Mota tana neman 20, ita ma ba ta shiga. An kashe miliyan 90, an sami tsantsar riba ta 10 da 18 da 6, jimla miliyan 34, ga kuma miliyan 10 a zaune.

Yanzu a ajiye jerin a gefe, a gwada haɗakar injin tacewa da injin turarawa su kaɗai. Jarinsu 40 da 60, miliyan 100 cif. Tsantsar ribarsu 18 da 24, wato miliyan 42. Wannan ya fi abin da jerin ya bayar da miliyan 8, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sauran haɗakar da kasafin zai iya ɗauka ba su kai nan ba: sola da injin turarawa da mota suna cinye miliyan 100 su ba da 36, injin turarawa da sito suna ba da 30, injin tacewa da sito da mota suna ba da 26. Zaɓin da ya fi kowanne shi ne wanda ya bar aikin da ya fi kowa ma'aunin riba a waje.

Wannan sakamako yana da wuyar karɓa a zauren taro, kuma ba abin mamaki ba ne. Manajan da ya kawo aikin sola zai ce aikinsa ne na ɗaya a takarda, ta yaya za a bar shi a ɗauki na biyu da na uku? Amsar tana cikin abin da ke faruwa da sauran kuɗin bayan an ɗauki sola. Miliyan 20 ɗinsa ita ce ta hana manyan injunan biyu shiga tare, sai ya zamana miliyan 40 da ta rage ta faɗa hannun sito, wanda ke biyan kwabo ashirin kan kowace naira, da kuma aljihu, wanda ba ya biyan komai. Ma'aunin riba yana faɗin yadda aiki ke biyan nairar da ya ci, amma bai san girman aikin ba, kuma bai san halin da zai bar sauran kasafin a ciki ba.

Kuɗin da ya rage a zaune

Miliyan 10 da ta yi saura a zaɓin farko ba ta ɓace ba. Za ta koma cikin harkar yau da kullum, ko a mayar wa masu ita, inda za ta ci ribar da aka saba, wato kashi 20 ɗin nan da aka riga aka sa a lissafi. Saboda haka tsantsar ribarta sifili ce, ma'auninta kuma 1 daidai. Wanda ke son kwatanta haɗaka biyu da ma'aunin riba dole ne ya auna kasafin gaba ɗaya, har da abin da ya rage. A zaɓin farko darajar yau ita ce 30 da 58 da 36, a ƙara 10 ta zaune, jimla 134, a raba da 100, a sami 1.34. A zaɓi na biyu 58 da 84 sun ba da 142, wato 1.42. Da wannan gyara, ma'aunin riba da tsantsar riba suna faɗin magana ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba da kuɗin da aka kashe kawai. Idan aka yi haka, sola da injin tacewa su biyu za su nuna 88 a raba da 60, kusan 1.47, wanda ya fi 1.42 kyau a ido, alhali tsantsar ribarsu miliyan 28 ce kacal. Da irin wannan lissafi, wanda ya yi aikin sola shi kaɗai ya rufe littafi shi ne zai zama gwani, tunda zai nuna 1.50. Alamar da ke nuna an faɗa wannan rami ita ce rahoto mai ɗauke da ma'auni mai tsoka tare da kaso babba na kasafi da ba a taɓa ba.

Ganin cewa manyan ayyuka biyu ne suka yi nasara, wani zai iya cewa a jera ayyuka bisa girman tsantsar riba kawai, a manta da ma'auni. A wannan kasafin hakan ya dace da amsar, amma dace ne. Da kasafin miliyan 60 ne, jerin tsantsar riba zai ɗauki injin turarawa ya tsaya a 24, alhali sola da injin tacewa a kan kuɗi ɗaya suna ba da 28. A nan ma'aunin riba ne ya yi gaskiya. Babu wani jeri guda, ko na ma'auni ko na girma, da ke ba da amsa a kowane hali muddin ayyuka ba sa gutsuruwa. Abin da ake kwatantawa shi ne haɗaka da haɗaka.

Inda ma'aunin ke da amfani har yanzu

Duk da haka ba a yar da ma'aunin riba ba, domin yana yin aiki guda da babu mai yin sa da sauƙi kamarsa: yana faɗin iyakar abin da za a iya samu. A ƙaddara cewa ana iya sayen ɓangaren inji. Sai a ɗauki sola da injin tacewa, a zuba miliyan 40 da ta rage a injin turarawa, wato kashi biyu cikin ukunsa, a sami kashi biyu cikin uku na 24, wanda shi ne 16. Jimla 10 da 18 da 16, miliyan 44. Ba za a iya yin wannan a zahiri ba, amma babu wata haɗaka ta gaske da za ta haura shi. Masanin lissafi George Dantzig ya nuna a 1957 cewa wannan jeri shi ne mafi kyawun amsa idan ana iya gutsurawa, don haka shi ne rufi ga halin da ba a iyawa.

Sanin rufin yana rage wahala. Wanda ya sami 34 ya ga rufi yana 44 ya san akwai sauran bincike. Wanda ya sami 42 ya san ko da akwai abin da ya fi, bai wuce miliyan 2 ba. Tazarar da ke tsakanin amsar jeri da rufin ba ta taɓa wuce tsantsar ribar aikin da aka fara tsallakewa. Daga nan ake gane lokacin da jeri ya isa da lokacin da bai isa ba. Idan kamfani babba ne, ayyukansa ɗari biyu, kowanne bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kasafi ba, gurbin da zai rage ƙarami ne, bin ma'auni kuma ya wadatar. Idan aiki guda yana cin rabin kasafi ko fiye, kamar yadda injin turarawa ke yi a nan, bin jeri ido rufe ganganci ne. Ƙananan kamfanoni da matsakaita, waɗanda su ne suka fi fama da ƙarancin jari, su ne kuma suka fi samun kansu a hali na biyu.

Yadda ake nemo haɗakar

Da ayyuka biyar, haɗakar da za ta yiwu 32 ce, tunda kowane aiki ko a ɗauka ko a bari, kuma da yawansu sun fi ƙarfin kasafi. Takarda da biro sun isa. Amma kowane aiki da aka ƙara yana ninka adadin. Ayyuka 10 suna ba da 1,024, ayyuka 20 suna ba da 1,048,576, ayyuka 30 kuma sun haura biliyan ɗaya. Masana lissafi suna kiran wannan matsalar jakar goyo, wato zaɓen kayan da suka fi daraja waɗanda jaka mai iyaka za ta ɗauka. James Lorie da Leonard Savage na Jami'ar Chicago ne suka fito da ita fili a fagen rabon jari cikin wata maƙala a 1955, sannan Martin Weingartner ya nuna a littafinsa na 1963 yadda ake tsara ta a matsayin lissafin da kowane aiki ke ɗaukar 1 ko 0. Hanyar da manhajoji suka fi bi wajen warware ta ta samo asali ne daga aikin Ailsa Land da Alison Doig na 1960 a Landan. Dabararta ita ce a raba zaɓuɓɓuka reshe-reshe, a lissafa rufin kowane reshe, a sare duk wanda rufinsa bai kai amsar da ke hannu ba. A misalin nan, da zarar an sami 42, duk reshen da babu injin turarawa a cikinsa ya faɗi, domin ko an haɗa sauran ayyukan huɗu duka, 36 za su bayar.

Akanta mai manhajar Excel zai iya yin wannan cikin 'yan mintuna da kayan aikin da ake kira Solver. A sa jarin ayyukan a B2 zuwa B6, tsantsar ribarsu a C2 zuwa C6, a bar D2 zuwa D6 don zaɓi. Sannan a rubuta jimlar jari da jimlar riba a gurabe biyu:

```
=SUMPRODUCT(B2:B6,D2:D6)
=SUMPRODUCT(C2:C6,D2:D6)
```

A gaya wa Solver ya kai gurbi na biyu matuƙa ta hanyar canza D2 zuwa D6, da sharaɗin cewa gurbi na farko kada ya wuce 100, kuma guraben zaɓi su zama bin, wato 1 ko 0 kawai. Hanyar warwarewa Simplex LP ce. Yana da kyau a mayar da Integer Optimality zuwa 0, in ba haka ba manhajar na iya tsayawa a amsar da ta kusa kaiwa. Idan amsa ta fito da 0.67 a gaban wani aiki, Solver bai yi aiki da sharaɗin bin ba, kuma abin da ke kan allo rufi ne kawai.

Wannan tsari yana karɓar sharuɗɗan da jeri ba zai iya ɗauka ba. Idan ayyuka biyu suna neman fili ɗaya, sai ɗaya daga cikinsu, ana rubuta cewa jimlar zaɓinsu kada ta wuce 1. Idan wani aiki ba ya da amfani sai an yi wani, misali mota da aka yi niyyar ta riƙa kai kaya sabon sito, ana rubuta cewa zaɓin mota kada ya wuce zaɓin sito. Idan kasafin baɗi ma yana da iyaka, kuma wasu ayyuka suna cin kuɗi shekara biyu, ana ƙara layin sharaɗi na baɗi. A wannan hali na ƙarshe ma'aunin riba ba ya ma iya jera ayyukan, domin akwai naira iri biyu masu ƙaranci, ta bana da ta baɗi, kuma ma'auni guda ba zai raba da duka biyun ba.

Abin da lissafin bai faɗa ba

Amsar miliyan 42 ta tsaya ne a kan ƙiyasi, kuma ya kamata a gwada ƙarfinta kafin a sa hannu. Rauninta na farko shi ne ta cinye kasafin kaf. Irin waɗannan injuna galibi daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Duk wanda ya yi odar kaya a Nijeriya bayan watan Yunin 2023, lokacin da aka saki farashin naira, ya ga yadda farashin da aka yi ciniki a kai ke iya tashi kafin kaya su iso. Idan injin turarawa ya tashi daga 60 zuwa 63, haɗakar ba ta shiga kasafi kuma. Injin da aka biya rabinsa aka kasa kammalawa ya fi duk wani zaɓi da ke teburin muni, domin ya ci jari bai kawo komai ba. Saboda haka jarin da ake rubuta wa kowane aiki ya kamata ya haɗa da kuɗin kwastan, da dako, da kafawa, da ƙarin shanshera da sabon inji zai buƙata a riƙa saye, sannan a ware wani abu na ko-ta-kwana tun kafin a fara rabo.

Rauni na biyu yana ɓangaren shiga. Haɗakar injuna biyu ta fi zaɓin sola da tacewa da sito da miliyan 8. Idan darajar yau ta injin turarawa ta sauka daga 84 zuwa 76, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, fifikon ya tafi. Wannan yana nuna wa masu kamfani inda za su sa ido: alƙaluman injin turarawa su ne suka cancanci a sake bincika su, kwana nawa zai yi aiki a shekara, da ko za a sami isasshiyar shanshera da za ta ciyar da shi. Ƙiyasin mota kuwa, ko ya yi sama ko ya yi ƙasa kaɗan, ba ya canza komai. Manajoji kuma sun san ana gasa a kan kasafi ɗaya, don haka akwai jarabar kumbura ƙiyasi, kuma maganinta shi ne a riƙa komawa bayan shekara a kwatanta abin da aka yi alkawari da abin da aka samu.

Sai kuma batun jinkiri. Barin aiki bana ba yana nufin an binne shi ba. Idan sola zai iya jira zuwa baɗi ba tare da ribarsa ta canza ba, tsantsar ribarsa ta miliyan 10 za ta zama 8.33 a darajar yau, asarar miliyan 1.67 ke nan. Jinkirta injin tacewa zai ci miliyan 3, na turarawa kuma miliyan 4. Idan aka duba ta wannan fuska, abin da ake rabawa shi ne wanda zai fara da wanda zai jira, kuma aikin da damarsa za ta wuce, kamar filin da wani zai saye ko kwangilar da ke da wa'adi, yana iya shiga gaban wanda ya fi shi ma'auni amma zai iya haƙuri.

Lissafin yana kuma faɗa wa masu kamfani farashin iyakar da suka sa wa kansu. Idan aka ƙara kasafin zuwa miliyan 110, mafi kyawun haɗaka ba ta canzawa, tana nan a 42, ƙarin miliyan 10 bai sayi komai ba. Idan aka kai shi 120, sola ya shiga tare da injunan biyu, tsantsar riba ta tashi zuwa 52. Amfanin ƙarin jari yana zuwa ne mataki-mataki, kuma sanin inda matakin yake shi ne ke nuna nawa ya kamata a nema. A nan miliyan 20 ce, wadda za ta kawo miliyan 10 bayan an cire ribar da aka saba. Idan takurawar ta cikin gida ce, wannan hujja ce da manajoji za su kai gaban masu kamfani don a sassauta. Idan ta waje ce, akwai hanyoyin da ke rage jarin farko: a karɓi kayan sola ta hanyar ijara a riƙa biya wata-wata, ko a nemi abokin tarayya a aiki guda, ko a tambayi mai sayar da injin turarawa ko yana da ƙarami. Ƙaramin injin ba rabin babban ba ne, aiki ne dabam mai jarinsa da darajarsa, don haka ana shigar da shi teburin a matsayin layi na shida, tare da sharaɗin cewa shi da babban ba za a ɗauke su tare ba, sannan a sake lissafin daga farko.